Idan wasa bai kai ƙarshe ba: ina makomar tikitin caca?

Ranar 16 ga Disamba, 2023, Bournemouth ta karɓi baƙuncin Luton Town a gasar Firimiya ta Ingila. Minti uku kacal da take wasa Elijah Adebayo ya ci wa Luton, aka tafi hutun rabin lokaci a haka. Bayan an dawo, wajen minti na 58, Dominic Solanke ya farke. Ba a jima ba sai kyaftin ɗin Luton, Tom Lockyer, ya yanke jiki ya faɗi a fili, zuciyarsa ta tsaya. Likitoci suka ceto ransa, amma ba a ci gaba da wasan ba, an tsaya ana ɗaya da ɗaya. Daga baya hukumar gasar ta ce a sake shi daga farko, aka buga ranar 13 ga Maris, 2024, inda Bournemouth ta farfaɗo daga ci uku da nema ta yi nasara da huɗu da uku.

Mutanen da suka zuba kuɗi a kan wasan na Disamba ba makoma ɗaya suka samu ba. Wasu an biya su cif, wasu an mayar musu da kuɗinsu babu riba, wasu kuma sun yi asara kamar an busa tashi. Duk a wasa ɗaya, kuma a kamfani ɗaya. Ga wanda bai san yadda abin yake ba, wannan zai yi kama da son rai. Amma akwai ƙa'idar da kusan duk kamfanonin cacar wasanni suke bi, kuma ba ta da tsawo: abin da ya riga ya tabbata a fili kafin a tsayar da wasa, an yanke shi, ci ko faɗuwa. Abin da bai tabbata ba, an soke shi.

Hukuncin caca a addini sananne ne, kuma a jihohin da ke bin Shari'a haramtacciya ce a doka. A 2024 ma Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano. Sai dai duk wanda ke shiga gidan kallon ƙwallo ya san yawan gardamar da ake tafkawa a kan tikitin da aka ɗage wasansa, har ta kan kai ga zargin mai shago da cin amana, alhali amsar tana rubuce tun kafin a buga tikitin.

Abin da ya tabbata da abin da bai tabbata ba

Mu bi zaɓin da mutane suka yi a wasan Bournemouth ɗin. Wanda ya ce Adebayo ne zai fara cin ƙwallo ya ci, domin ko da an buga sauran minti talatin ɗin babu abin da zai canza wanda ya fara ci. Wanda ya zaɓi wani ɗan wasan daban da ke cikin fili a lokacin ya faɗi, saboda wannan dalilin dai. Wanda ya ce Luton ce za ta kasance a gaba a hutun rabin lokaci shi ma ya ci, tunda an kammala zagayen farko. Haka wanda ya ce ƙungiyoyin biyu duk za su zura ƙwallo, abin da ake gani a allo da `GG`, da wanda ya ɗauki `Over 1.5`, wato ƙwallo biyu ko fiye: ƙwallo biyu sun riga sun shiga, ba a iya cire su. Mai `Under 1.5` kuwa ya faɗi tun lokacin da Solanke ya farke.

Ɗaya ɓangaren shi ne na waɗanda al'amarinsu ke buɗe. Wanda ya ce Bournemouth za ta ci wasan, ko Luton, ko canjaras, wato `1X2`, an soke nasa. A nan ne ake yawan faɗa, domin mai canjaras zai ce ai an tashi ɗaya da ɗaya. Ba a tashi ba, an dai tsaya. Saura rabin awa, kuma a rabin awa komai na iya faruwa. Mai `Over 2.5` da mai `Under 2.5` duka an soke nasu, saboda ƙwallo ta uku ba ta shiga ba, kuma ba a kai lokacin da za a ce ba za ta shiga ba. Wanda ya yi hasashen mai cin ƙwallon ƙarshe ma haka.

Tambayar da mutum zai yi wa kansa ke nan a kan kowane zaɓi: da an buga sauran mintunan, akwai abin da zai iya juya wannan sakamakon? Idan babu, an yanke. Idan akwai, komai ƙanƙantarsa, an soke. Ko ƙungiya tana gaba da ci huɗu a minti na 80, galibin kamfanoni za su soke `1X2` idan ba a ƙarasa ba. Wasu ƙalilan suna da sharaɗin cewa idan wasa ya kai wani minti kusa da ƙarshe kuma hukumar gasar ta amince da sakamakon, to ya zauna. Wannan sai an gan shi a rubuce a dokokin kamfanin, ba a ɗauka haka kawai.

Me sokewa take nufi a aljihu

Idan aka soke zaɓi, a kan tikiti za a ga `Void` ko `Cancelled` ko `Refund`. A lissafi, abin da ake yi shi ne a mayar da lambar ninkin wannan zaɓin, wadda 'yan shago ke kira od, ta koma 1.00. Duk abin da aka ninka da ɗaya yana nan yadda yake. Wanda ya sa Naira 2,000 a kan wasa ɗaya tal, Naira 2,000 za ta dawo masa.

Amma yawancin masu yi a Najeriya ba wasa ɗaya suke ɗauka ba, suna jera wasanni ne a dogon tikiti, kuma a nan fahimta ta fi karkacewa. A ɗauka mutum ya sa Naira 1,000 a kan wasanni huɗu masu ninki 1.50 da 2.00 da 1.80 da 2.50. Idan aka ninka su da juna za a sami 13.50, don haka takardar za ta nuna Naira 13,500. Sai aka ɗage wasan da ke da 2.50, sauran ukun kuma suka shigo. Tikitin bai mutu ba, kuma ba a dawo da kuɗin duka ba. An cire wasan ne kawai, lissafi ya koma 1.50 sau 2.00 sau 1.80, wato 5.40. Za a biya shi Naira 5,400. Zai ga kamar an zaftare masa Naira 8,100, amma wannan kuɗin bai taɓa zama nasa ba, na wasan da ba a buga ba ne.

Idan kuwa ɗaya daga cikin ukun nan ya yanke, shi ke nan, babu ko kwabo. Sokewar wasa ɗaya ba ta ceton tikitin da wani wasan ya kashe. Mutane da yawa kan zo shago da zaton tunda an ɗage ɗaya za a mayar musu da kuɗinsu, su koma hannu rabbana. Ba a mayar da kuɗin dogon tikiti gaba ɗaya sai idan duk wasannin da ke cikinsa aka soke.

Akwai wani ragin da ba a lura da shi sai an zo karɓa. Kamfanoni da yawa suna ƙara garaɓasa gwargwadon yawan wasannin da ke tikiti, mai wasa goma ya fi mai wasa biyar. Idan aka soke biyu daga cikin goma, za a lissafa garaɓasar a matsayin ta wasa takwas, idan kuma adadin ya sauka ƙasa da mafi ƙarancin da suka gindaya, ta tafi gaba ɗaya. Irin wannan ne ke faruwa da tayin nan na cewa idan wasa ɗaya ne ya yanke za a ba ka wani abu: shi ma yana da adadin wasanni da jimillar ninkin da ake buƙata, kuma wasan da aka soke ba ya shiga ƙidaya. Maɓallin `Cash Out` ma kan ɓace muddin akwai wasan da ba a san matsayinsa ba a tikitin.

Agogon da kamfani ke dubawa

Ɗage wasa ba ya soke caca nan take. Kowane kamfani yana da wa'adin da yake jira ya ga ko za a buga, kuma a nan suka fi saɓa wa juna. Wasu sun ce sai an buga a ranar da aka sa tun farko, kafin sha biyun dare a agogon garin da ake wasan. Wasu sun ba da awa 24 daga ainihin lokacin take wasa, wasu awa 48, wasu fiye. Idan an buga cikin wa'adin, tikitin yana nan da ransa, da ninkin da aka saya. Idan wa'adin ya wuce, an soke, ko da an sa sabuwar rana kowa ya sani.

Wasan Manchester United da Liverpool na 2 ga Mayu, 2021 misali ne mai sauƙi. Magoya bayan United sun kutsa cikin Old Trafford suna zanga-zangar adawa da masu ƙungiyar, aka ɗage wasan zuwa 13 ga wata, Liverpool ta ci huɗu da biyu. Kwana goma sha ɗaya sun zarce wa'adin da aka saba gani a ƙwallon ƙafa, saboda haka wanda ya zaɓi Liverpool a tikitin farko kuɗinsa kawai ya gani. In yana so, sai ya sayi sabon tikiti da sabon ninki.

Wannan wa'adin shi ne kuma ke aiki a kan wasan da aka fara aka tsayar. Ranar 12 ga Yuni, 2021, a gasar cin kofin nahiyar Turai, Christian Eriksen ya faɗi a fili gab da hutun rabin lokaci a wasan Denmark da Finland. An tsayar, amma an dawo an ƙarasa a daren, Finland ta ci ɗaya da nema. Tunda an kammala a rana ɗaya, a ƙa'ida duk tikiti sun zauna, kamar ba a tsaya ba. Ka kwatanta da Udinese da Roma ranar 14 ga Afrilu, 2024, inda Evan Ndicka ya kama ƙirji ya faɗi bayan minti saba'in ana ɗaya da ɗaya. A Italiya ba a sake wasan daga farko ba, an dawo ne ranar 25 ga wata aka buga mintunan da suka rage, Bryan Cristante ya ci wa Roma a ƙarshe, aka tashi biyu da ɗaya. A littafin gasar, wasa ɗaya ne da aka fara ranar 14 aka gama ranar 25. A littafin kamfanin caca kuwa, wa'adi ya riga ya cika tun tuni. Wanda ya zaɓi Roma ya faɗi daidai, amma ba a biya shi riba ba. Na san da zafi, sai dai wanda ya zaɓi Udinese shi ma kuɗinsa ya dawo maimakon ya ƙone, kuma ba a taɓa jin irinsu suna ƙorafi ba.

Mai bin gasar Najeriya ya fi kowa buƙatar sanin wannan wa'adin. A damina ba baƙon abu ba ne ruwa ya tsayar da wasan la'asar, a ce a dawo washegari da safe a ƙarasa. Wasan da aka take da ƙarfe huɗu na yamma aka ƙarasa da hantsin washegari yana cikin awa 24, don haka a kamfanin da ke da wannan wa'adin tikitin yana nan. A kamfanin da ya ce sai a rana ɗaya, an soke shi tun tsakar dare. Abokai biyu da zaɓi iri ɗaya, a benci ɗaya, za su iya samun hukunci daban, kuma babu wanda aka zalunta a cikinsu.

Sauya fili ma yana da nasa hukuncin. Abin da aka saba shi ne idan aka mayar da wasa wani fili amma mai masaukin baƙi bai canza ba, caca tana nan. Idan aka juya, wanda zai je baƙunta ya koma mai gida, an soke, domin an ƙayyade ninkin ne bisa wanda ke gida.

Nasarar da aka bayar a ofis

A watan Oktoba na 2024 Super Eagles suka tashi zuwa Libiya don wasan neman gurbin gasar cin kofin Afirka, wanda aka sa ranar 15 ga wata. Aka karkatar da jirginsu daga Benghazi zuwa filin jirgin Al Abraq, suka kwana a can babu abinci babu wurin kwanciya, suka ƙi buga wasan suka dawo gida. Daga baya hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba Najeriya maki uku da ƙwallo uku, ta ci Libiya tarar Dala 50,000.

A teburin rukuni an rubuta uku da nema. Amma wanda ya zaɓi Najeriya ta ci wannan wasan, ko ya ɗauki `Over 2.5`, bai ci komai ba. Ba a taɓa ƙwallo ba, don haka sokewa ce. Kamfanoni suna biya ne bisa abin da ya faru a fili, ba sa bin hukuncin kwamitin ladabtarwa, kuma a ganina suna da gaskiya. Dubi wasan Sabiya da Albaniya a Belgrade ranar 14 ga Oktoba, 2014, wanda aka tsayar kafin hutun rabin lokaci bayan wani ƙaramin jirgi maras matuƙi ya shigo fili da tuta, rikici ya ɓarke. Hukumar ƙwallon Turai ta fara ba Sabiya nasarar uku da nema. A 2015 kotun wasanni ta duniya ta juya hukuncin, ta ba Albaniya. Da ana bin ofis, da sai an biya mutane, bayan watanni a bi su gida a karɓo a ba wasu. Haka nan idan an buga wasa an gama, daga baya aka ƙwace makin saboda an sa ɗan wasan da bai cancanta ba, sakamakon fili ne ke zama.

Inda hukuncin ofis ke tasiri shi ne cacar da ta shafi gasar gaba ɗaya. Wanda ya ce Najeriya za ta samu gurbi, ko za ta ja ragamar rukuninta, teburin hukuma ake duba masa, kuma makin nan uku suna ciki.

Idan ɗan wasa ne bai fito ba

Wanda ya zaɓi ƙungiya ta ci saboda tauraronta, sai aka fitar da sunaye babu shi, tikitinsa yana nan daram. Ƙungiya ya zaɓa, kuma ƙungiyar ta fito. Ninkin zai iya tashi a kasuwa bayan labarin ya fita, amma shi yana kan wanda ya saya.

Sai idan sunan ɗan wasan ne a kan tikitin, kamar a ce wane zai ci ƙwallo a wasan. Idan bai taka fili ba sam, ko yana benci ko yana gida, an soke. Amma idan aka sako shi, ko a minti na 88 ne, a galibin kamfanoni cacar ta zauna, in bai ci ba an faɗi. Wannan ya fi rashin fitowar ciwo, domin an sayi ninkin minti casa'in an samu minti biyu. Wasu kamfanonin sun sassauta, sun ce sai ɗan wasan yana cikin sha ɗayan farko, musamman a cacar yawan bugun da zai kai raga ko katin da zai karɓa. Wanda aka fara da shi ya ji rauni a minti na biyar aka cire shi kuwa, a ƙa'ida ya buga, babu maido da kuɗi, sai in kamfani ya ga dama ya yi kyauta don talla.

Cacar wanda zai fara cin ƙwallo tana da ɗan ƙari. Idan ɗan wasan ya shigo daga benci bayan an riga an ci ƙwallon farko, an soke, domin bai samu damar ba. Idan ya shigo ana babu ci, ya samu dama, cacar tana aiki. Ana fitar da jerin 'yan wasa kimanin awa ɗaya kafin take wasa, kuma duk wannan ruɗanin yana faɗa wa wanda ya sayi tikiti kafin lokacin ne.

Tarkon da ya fi zurfi yana cikin cacar dogon zango, irin wadda ake yi kafin gasa: wa zai ɗauki kofi, wa zai fi cin ƙwallaye. Tsohuwar ƙa'idar wannan kasuwa, wadda ta samo asali daga tseren dawaki a Birtaniya, ita ce ko an fito ko ba a fito ba, kuɗi ya shiga. Hujjar kamfanoni ita ce ninkin da ake bayarwa tun da wuri ya fi tsoka, kuma haɗarin rauni yana cikin abin da aka saya. Karim Benzema ya karɓi kyautar gwarzon duniya a Oktoban 2022, ya tafi Qatar da tawagar Faransa, ya ji rauni a atisaye gab da fara gasar cin kofin duniya, bai buga ko minti ɗaya ba. Victor Boniface ma ya ji rauni a sansanin Super Eagles a Janairun 2024, kwanaki kaɗan kafin gasar Afirka a Kwaddibuwa, aka maye gurbinsa da Terem Moffi. Wanda ya zaɓi ɗayansu a matsayin mai yawan ƙwallaye, a ƙarƙashin tsohuwar ƙa'idar ya yi asara. Akwai kamfanonin da ke mayar da kuɗi idan ɗan wasan bai buga ko wasa ɗaya ba, amma wannan sassauci ne da suke rubutawa, ba haƙƙi ba ne da ke zuwa da kansa.

Tanis, inda ɗan wasan shi ne ƙungiyar

A ƙwallon tanis janyewar mutum ɗaya ita ce mutuwar wasan, kuma kamfanoni sun rabu gida uku. Na farko sun ce da an buga ƙwallo ɗaya wasa ya fara, duk wanda ya janye ya faɗi. Na biyu sun ce sai an kammala zagaye ɗaya, wato abin da allo ke nunawa da `Set`. Na uku sun ce sai an gama wasan duka, in ba haka ba an soke.

A wasan kusa da na ƙarshe na gasar Australian Open a Janairun 2025, Novak Djokovic ya sha kashi a zagayen farko da bakwai da shida a hannun Alexander Zverev, nan take ya miƙa hannu ya janye saboda rauni a cinya. A gida na farko da na biyu, mai Zverev ya ci, mai Djokovic ya faɗi. A gida na uku, kowa ya karɓi kuɗinsa. Da Djokovic ya janye minti biyar kafin haka, zagayen bai cika ba, da gida na biyu ma ya soke. Cacar wanda zai ci zagayen farko kuwa ta zauna a ko'ina, bisa ƙa'idar nan ta abin da ya riga ya tabbata.

Idan an janye kafin a fara, babu saɓani a kan wasan. Rafael Nadal ya janye daga Wimbledon a 2022 kafin karawarsa da Nick Kyrgios a wasan kusa da na ƙarshe saboda rauni a ciki. Caca a kan wannan karawar an soke ta, mai Kyrgios bai ci komai ba duk da ya wuce zuwa wasan ƙarshe. Amma wanda ya ce Nadal ne zai ɗauki kofin ya faɗi kai tsaye, tunda ya shiga gasar ya buga wasanni.

Yadda ake bin diddigin tikiti

Manhajojin da ke nuna sakamako kan rubuta `Postp.` ko `Abandoned` ko `Interrupted`, amma ba su ne ke yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne shafin dokokin kamfanin da aka sayi tikitin, sashen wasan da ake magana, domin dokar ƙwallon ƙafa daban take da ta tanis ko ƙwallon kwando, kuma dokar kowane wasa tana gaba da dokar bai-ɗaya idan sun ci karo. A nemi abu uku a ciki: awa nawa ne wa'adin, daga wane lokaci ake fara ƙirga shi, da kuma abin da suka ce game da zaɓin da ya riga ya tabbata.

Kafin wa'adin ya cika, tikitin zai zauna a buɗe, ko da duk sauran wasannin sun shigo. Ba riƙe kuɗi aka yi ba, kuma yaron da ke kan kwamfuta a shago ba shi da ikon sakinsa. Mai tikitin takarda kada ya yaga ko ya yar don ya ji an ɗage wasa, domin ba a biya sai da takardar, kuma tana da ranar da take daina aiki. Rubutun irin wannan takarda yana gogewa idan ya sha zafi ko gumi a aljihu, gara a ɗauki hotonta yadda lambar za ta fito sosai.

Wani lokaci na'ura kan yanke tikiti bisa kuskure, ta ɗauki wasan da aka tsayar kamar an gama. Kamfanoni sun ba kansu ikon gyarawa, kuma gyaran yana tafiya ta kowane ɓangare: za a iya maido wa mutum kuɗin da aka ce ya faɗi, za a kuma iya cire abin da aka biya shi daga asusunsa. Wanda ya ga lissafinsa bai yi daidai ba, ya fara sake ninka lambobin da kansa, ya sa 1.00 a gurbin wasan da aka soke, ya duba ko garaɓasa ce ta sauka. In har yanzu da saura, ya rubuta wa kamfanin da lambar tikitin, da sunan wasan, da minti da sakamakon da aka tsaya a kai, ya kuma kawo layin dokarsu da yake ganin an saɓa. Daga nan sai hukumar da ta ba kamfanin lasisi. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa kula da caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya. Saboda haka hukumar jihar da ta ba da lasisin ce wurin kai ƙara, kuma a jihar da ta haramta caca babu ofishin da zai karɓi irin wannan takarda.